Darasin Kimiyya: Yadda ƙaramar tawagar manhaja ke zaɓen aikin zango gwargwadon ƙarfinta

Abin da darasin ya ƙunsa

Darasinmu na yau a kan zama ɗaya ne tak, zaman da masu gina manhaja ke yi a farkon kowane zango domin yanke shawarar aikin da za su ɗauka. Idan muka tashi, ina so kowannenku ya iya lissafa ƙarfin tawaga a takarda, ya zaɓi ayyukan da suka yi daidai da wannan ƙarfi, ya kuma gane alamun da ke nuna cewa lissafin ya karkace. Ku tanadi biro, domin akwai ɗan lissafi, amma bai wuce tarawa, ɗebewa da rabawa ba.

Tsarin a taƙaice

Sikiram tsari ne na gudanar da aikin gina manhaja. A fuskar kwamfuta za ku ga an rubuta shi `Scrum`. Tushensa wata maƙala ce da Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, malamai biyu 'yan ƙasar Japan, suka wallafa a mujallar Harvard Business Review a 1986, inda suka yi nazarin yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke ƙera sababbin kaya da ƙananan tawagogi. Jeff Sutherland ya gwada tsarin a aikin manhaja a 1993, sannan shi da Ken Schwaber suka gabatar da shi a wani taro a birnin Austin na jihar Texas a 1995. Su biyun ne suka rubuta Jagoran Sikiram, wanda ya fara fita a 2010, aka kuma sake gyara shi a Nuwamban 2020.

A wannan tsari ana yanka lokaci gida-gida, kowane gida bai wuce wata ɗaya ba. Shi muke kira zango, kuma a manhajojin bibiyar aiki irin su Jira sunansa `Sprint`. Tawaga ba ta cika wuce mutum goma ba, kuma nauyi iri uku ne a cikinta. Akwai mai haja, wanda ke riƙe da jerin ayyukan da ke jira, wato abin da allo ke nuna wa da sunan `Backlog`, shi ke jera su daga mafi amfani zuwa ƙasa. Akwai magina, masu rubuta manhajar da gwada ta. Akwai kuma mai kula da tsari, wanda ke tabbatar da an bi ƙa'ida, yana kawar da abin da ke tare wa magina hanya.

Zaman tsara zango yana amsa tambaya uku: me ya sa wannan zango ke da amfani, me za a iya gamawa a cikinsa, kuma yaya za a yi aikin. Jagoran ya ƙayyade masa awa takwas idan zangon na wata ɗaya ne. Masu zangon sati biyu sukan tsaya a awa huɗu ko ƙasa da haka. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan ƙa'ida: mai haja ne ke jera ayyuka, amma magina ne kaɗai ke faɗin yawan da za su ɗauka.

Misalin da za mu yi aiki da shi

Mu ƙaddara akwai wata tawaga a Gumel mai magina huɗu, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ta masarautar. Ɗan Gumel yana rubuta ɓangaren da ke zama a waya. 'Yar Gagarawa ce ke riƙe da saba, wato kwamfutar da ke tara bayanan kowa. Ɗan Maigatari yana tsara shafukan da mai amfani ke gani, ya ɗan san aikin saba kuma. Ɗan Sule Tankarkar shi ne mai gwaji. Suna gina manhajar da dillalan riɗi za su riƙa rubuta awo da ita: sunan manomi, nauyin buhu, farashi, da kuɗin da aka biya. Kakar riɗi ta ƙarato, saboda haka mai haja yana cikin gaggawa.

Zangonsu na sati biyu ne, daga Litinin 29 ga Satumba zuwa Juma'a 10 ga Oktoban 2025.

Mataki na farko: ƙirga kwanakin da ake da su da gaske

Kalanda ta ce kwana goma na aiki. Mu fara ɗebewa. Ranar Laraba 1 ga Oktoba hutun samun 'yancin kai ne, saura tara. Zaman tsara zangon kansa zai ci rabin wunin Litinin ta farko. Zaman nuna aiki da na waiwaye za su ci wani rabin wuni a ƙarshe, saura takwas. Sai Juma'a biyu. A takarda ana lissafa Juma'a cikakken wuni, amma duk wanda ya zauna a ofis a ƙasar nan ya san cewa daga an fara haramar masallaci aikin ranar ya kusa ƙarewa. Mu ba kowace Juma'a rabi, mu cire kwana ɗaya. Saura bakwai ga mutumin da ba shi da wani uzuri.

Yanzu sai a bi mutum ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Ɗan Gumel yana nan gaba ɗaya, kwana 7. 'Yar Gagarawa tana karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, tana da jarrabawa kwana biyu, saura 5. Ɗan Maigatari zai shiga kasuwa a Alhamis biyun nan, 2 da 9 ga wata, domin Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari, ranar ce zai sami dillalai a wuri ɗaya ya ga yadda suke taɓa manhajar. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, amma ba ya rage komai daga jerin ayyuka, don haka shi ma saura 5. Ɗan Sule Tankarkar yana da 7. Jimilla kwana 24.

A zangon da babu hutu babu uzuri, kowa yana da kwana 8, jimilla 32. Ke nan ƙarfin wannan zango kashi uku ne cikin huɗu na wanda aka saba.

Ana yin wannan ƙirga kafin a buɗe jerin ayyuka, kuma da dalili. Da zarar mutum ya ga aikin da ransa ke so a gama, sai ya fara yi wa kwanakinsa kwaskwarima: zan zo ran hutu, zan kwana a ofis, jarrabawar ba za ta ci mini lokaci ba. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979, cewa mutane sukan rage wa aikinsu lokacin da zai ci, ko da sun sha ganin irinsa ya wuce wa'adi.

Mataki na biyu: me tawagar ta saba gamawa?

Kowane aiki a jerin yana da maki da ke nuna girmansa idan aka gwada shi da sauran. Maki ba awa ba ne. Aiki mai maki 2 ya kai kusan ninki biyu na mai maki 1 a wahala da rashin tabbas, shi ke nan. Ana yawan amfani da 1, 2, 3, 5, 8 da 13, kuma tazarar tana ƙaruwa ne saboda babban aiki ba ya aunuwa dalla-dalla. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa wani aiki 11 ne ba 12 ba.

Hanyar da aka fi sani ta ba da maki ita ce ta kati, wadda James Grenning ya ƙirƙiro a 2002, Mike Cohn kuma ya yaɗa ta a littafinsa na 2005. Kowane magini yana zaɓar katinsa a ɓoye, sai a ɗaga gaba ɗaya. A ganina wannan ɓoyewa ta fi amfani a wurinmu fiye da inda aka ƙirƙiro ta. Idan babba ya riga ya ce aiki 3 ne, ƙaramin da ya hango 8 kunya za ta sa ya yi shiru, alhali wataƙila shi ne ya ga ramin da ke gaba. Idan katuna suka saɓa, mai mafi girma da mai mafi ƙanƙanta su ke fara bayani, sannan a sake ɗagawa.

Tawagarmu ta gama maki 18, 22 da 20 a zanguna uku da suka wuce, duk masu kwana 32. Matsakaicinsu 20. Wannan shi ne saurin tawaga. Ana ƙirga aikin da ya cika sharaɗin kammalawa ne kawai, wato abin da tawaga ta amince a kansa tun farko: an rubuta, wani ya duba, an gwada a ƙaramar waya irin ta dillalai, yana aiki. Aikin da aka ci rabinsa makinsa sifiri ne, kuma yana komawa jeri.

Sai mu haɗa lissafin biyu:

```
20 × 24 ÷ 32 = 15
```

Hasashen wannan zango maki 15 ne. Idan muka yi amfani da zango mafi rauni za mu sami 13.5, mafi ƙarfi kuma 16.5. Saboda haka abin da ya kamata a faɗa wa mai haja shi ne tsakanin 13 da 16, ba lamba ɗaya kamar an sassaƙa ta a dutse ba.

A nan ɗalibai sukan ɗaga hannu su ce, "Malam, ɗauke wuta fa, da yankewar sabis? Ba za mu cire musu kwana ba?" Amsar ita ce a'a, muddin abin bai wuce yadda aka saba ba. Maki 20 ɗin nan an same su ne a cikin ɗauke wutar da yankewar sabis ɗin, da baƙin da ke shigowa gaisuwa, da zaman minti goma sha biyar na kowace safiya. Duk sun riga sun shiga cikin lambar. Idan kuka sake cire su, kun cire abu ɗaya sau biyu. Abin da ake cirewa shi ne wanda ya bambanta wannan zango da na baya, kamar hutun 1 ga Oktoba da jarrabawa. Amma idan batirin sola na ofis ya mutu jiya, kuma ba za a sami sabo ba sai sati mai zuwa, wannan sabon abu ne, dole ya shiga lissafi.

Mataki na uku: manufa, sannan zaɓe

Mai haja ya kawo buƙatarsa, aka tattauna, aka tsayar da manufa a jimla ɗaya: mai awo ya iya rubuta awon riɗi ko babu sabis, bayanin kuma ya isa ofis idan sabis ya dawo. Dalilin a fili yake. Awo da yawa a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar ake yin sa, kuma ba kowane wuri ne waya ke samun sabis mai ƙarfi ba.

Ga saman jerin, yadda mai haja ya jera shi:

1. Rubuta awo a waya ba tare da sabis ba: maki 5
2. Daidaita bayanan waya da na saba idan sabis ya dawo: maki 8
3. Tura wa manomi rasit ta saƙon tes: maki 3
4. Gyara kuskuren da ke yanke 'yan kwabbai a lissafin farashin kilo: maki 2
5. Nuna farashi a naira da sefa, domin masu saye daga ɓangaren Damagaram: maki 5
6. Rahoton mako ga dillali: maki 3

Ana farawa daga sama. Na ɗaya da na biyu sun ba da 13. Na uku zai kai mu 16, ya ɗan haura. Idan muka tsallake shi, na huɗu zai kai mu 15 cif. Mai gaggawa zai ce an gama, a ɗauki na ɗaya, na biyu da na huɗu, a tashi. Amma ba a gama ba, kuma nan ne tawagogi da yawa ke tuntuɓe.

Mataki na huɗu: wa zai yi aikin?

Maki 15 jimillar tawaga ce, ba ta faɗa mana a kan wa nauyin zai sauka ba. Amalanke yana iya ɗaukar buhu goma, amma idan aka jibge su duka a gefe ɗaya, a kwanar farko zai kife. Don haka sai a farfasa ayyukan zuwa ƙanana, kowanne bai wuce na wuni ɗaya ko biyu ba, a yi musu kiyasin awa.

Mu ce a kowane wuni magini yana samun awa biyar na aikin da hankalinsa ke kai sosai. 'Yar Gagarawa tana da kwana 5, wato awa 25. Da ta farfasa aiki na biyu, ɓangaren saba ya kasu uku. Ƙofar karɓar bayanai daga waya za ta ci awa 8. Hana awo ɗaya shiga sau biyu zai ci awa 10, domin idan sabis ya yanke ana tsakar turawa, waya za ta sake turowa, kuma idan ba a ba kowane awo lambarsa ta musamman tun daga waya ba, buhu ɗaya zai zama biyu a littafin dillali. Na ukun shi ne sasanta saɓani: mai awo ya gyara nauyi a wayarsa, akawu kuma ya gyara wannan awon a ofis, na wa za a ɗauka? Wannan awa 12 ne. Jimilla 30, ita kuwa 25 gare ta. Maki sun ce aikin zai shiga, awoyi sun ce ba zai shiga ba, kuma awoyin ne ke da gaskiya, domin ita kaɗai ta san wannan ɓangare ciki da waje.

Mafita ita ce a raba aikin, amma akwai rabo mai kyau da marar kyau. Marar kyau shi ne a ce wannan zango a yi ɓangaren waya, zango mai zuwa a yi na saba. Idan aka yi haka, ranar 10 ga Oktoba babu abin da dillali zai iya amfani da shi. Rabo mai kyau yana barin kowane yanki ya zama abu mai aiki daga waya har ofis. Tawagar ta raba shi kamar haka: yanki na farko, awo ya tashi daga waya ya isa saba ba tare da maimaici ba, da sharaɗin cewa bayan an tura ba a gyara shi daga waya. Yanki na biyu, a buɗe damar gyara tare da sasanta saɓani. Aka sake ɗaga kati, kowane yanki ya sami 5. Kada ku damu da cewa 5 da 5 sun fi 8. Farfasawa ta tona wahalar da ke ɓoye, wato tun farko aikin ya fi ƙarfin 8.

Mai kula da tsari ya juya ga mai haja ya tambaye shi ko yanki na farko ya isa cika manufa. Ya ce ya isa, gyara daga ofis kawai zai wadatar a makonnin farko na kaka. To yanzu lissafi ya zama aiki na ɗaya 5, yanki na farko 5, sai gyaran kwabbai 2, jimilla 12. Akwai gurbin maki 3, daidai da rasit ta tes. Ɓangaren sabar rasit awa 6 ne. Idan aka ɗora wa 'yar Gagarawa, za ta kai 24 cikin 25, kuma wanda aka cika haka ko zazzaɓin wuni ɗaya ya ishe shi rushe zango. Ɗan Maigatari ya ce zai yi, ita ta duba masa na awa biyu. Ta tsaya a 20 cikin 25. Ɗan Gumel yana da 31 cikin 35, wanda ya ɗan yi yawa, shi ya sa aka amince cewa idan abu ya matse, gyaran kwabbai ne zai fara fita, tunda ba ya cikin manufa. Mai gwaji kuma ya nemi a miƙa masa aiki na ɗaya kafin ƙarshen satin farko, kada komai ya taru masa ran Alhamis ta ƙarshe.

Farashin sefa da rahoton mako sun zauna a jeri. Mai haja bai ji daɗi ba, kuma yana da damar sauya jerin, ya ce a cire rasit a duba wani abu. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya ce a ƙara a kan 15.

Yadda ake gane lissafi ya karkace

Alama ta farko ita ce ragowa. Idan zango uku a jere ana mayar da aiki ɗaya ko biyu jeri ba a gama ba, tawagar tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, kuma galibi za ku tarar tana lissafi da zangonta mafi kyau maimakon matsakaici. Alama ta biyu tana fitowa a tsakiyar zango: an kai kwana na shida, ayyuka huɗu duk an fara su, babu ko ɗaya da aka gama. Maganin wannan shi ne mutum biyu su taru a kan na sama su ƙarasa shi kafin a ci gaba.

Ta uku ta fi wuyar gani. Sauri yana hawa, 20, 26, 33, amma dillalai ba su ga wani ƙarin abu a wayarsu ba. Wannan yakan faru ne idan shugaba ya mayar da maki ma'aunin ƙwazo, ko ya fara gwada wata tawaga da wata. Magina ba wawaye ba ne, aikin da jiya suka ba 3 yau za su ba shi 5. Daga nan lambar ta daina amfani ga kowa. Makin tawagar Gumel ba ya gwaduwa da na wata tawaga a Kano ko Dutse, domin kowacce da ma'auninta.

Akwai kuma aikin da ke faɗowa daga sama, kamar babban dillali ya kira ran Alhamis ya ce manhaja ta tsaya masa. Idan irin wannan na zuwa kusan kowane zango da yawa iri ɗaya, ya riga ya shiga cikin sauri. Idan kaka ce za ta ninka shi, sai a ware masa kwana a mataki na farko.

Ku sani kuma cewa maki da sauri ba sa cikin Jagoran Sikiram, dabaru ne da masu aiki suka ɗora a kai. Jagoran ya ce ne magina za su fi samun tabbas a hasashensu gwargwadon sanin abin da suka yi a baya, da ƙarfinsu na zangon da ke tafe, da sharaɗinsu na kammalawa. Tun gyaran 2011 ya daina kiran ayyukan da aka zaɓa alkawari, ya koma kiransu hasashe. Sabuwar tawagar da ba ta da tarihi sai ta dogara da awoyi kaɗai, ta ɗauki kaɗan, har ta tara zango uku. Haka ma idan aka sauya mutane, tsohon sauri ya tashi aiki. Ƙara magini na biyar ba ya ƙara maki nan take, domin tsofaffin ne za su bar nasu aikin su koya masa, abin da Fred Brooks ya yi bayani a kai tun 1975.

Aikin gida

Ku ɗauki tawagar nan a zangon da ke biye, Litinin 13 zuwa Juma'a 24 ga Oktoba. Babu hutun gwamnati a lissafinmu. 'Yar Gagarawa ta gama jarrabawa, ɗan Maigatari zai sake zuwa kasuwa Alhamis biyu, ɗan Sule Tankarkar kuma ya nemi kwana uku zai je girbi. Ku yi amfani da sauri 20 a kan kwana 32, ku fitar da kwanakin tawaga da makin da za ta iya ɗauka. Sannan ku zaɓi ayyuka daga abin da ya rage a jeri, ku rubuta manufar zangon a jimla ɗaya, ku kuma nuna mutumin da nauyi zai fi sauka a kansa a wannan karon da abin da za ku yi a kai.